Matata za ta haihu, takardun kamfaninmu ba su ce komai a kan hutun uba ba

Assalamu alaikum, Yaya. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a garin Gombe, shekarata uku a wurin, albashina naira 176,000. Matata na da cikin fari, likita ya ce aiki za a yi mata saboda yadda jaririn ya kwanta, an sa rana wata Talata nan da mako biyar. Mahaifiyarta ta rasu, gwaggonta da za ta zauna da ita tana Dukku, kuma sai ana gobe suna za ta samu zuwa. Littafin ƙa'idojinmu ya yi maganar hutun haihuwa na mata kawai, sai wani layi da ya ce manaja zai iya ba da hutun uzuri har kwana uku. Hutuna na shekara saura kwana shida. Na tambayi jami'in ma'aikata, ya ce shi bai taɓa ganin an ba namiji ba, in je in ga manaja. Wani abokin aikina ya ce gwamnati ta ba kowane magidanci kwana 14, in je in karɓi haƙƙina. Wani kuma ya ce in samo takardar rashin lafiya kawai in huta. Ina son mako biyu, amma ina tsoron rasa aikina. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sauke ta lafiya, ya raba su da rai da lafiya, ya sa mu sha suna.

Bari mu fara da maganar kwana 14 ɗin nan, domin idan ka shiga ofishin manaja da ita a bakinka kana cewa haƙƙinka ne, za ka ɓata rawarka da tsalle. Abokinka ya ji labarin, amma bai ji shi duka ba. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun uba, kuma a watan Nuwamba na 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar da ta tabbatar da shi: kwanakin aiki 14, sau ɗaya a cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu, kuma mai nema zai haɗa da takardar asibiti mai nuna lokacin da ake sa ran matarsa za ta haihu. Amma wannan na ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. Kafin nan Jihar Legas ta ba nata ma'aikatan kwana goma tun 2014. Duk wannan tsari ne tsakanin gwamnati da waɗanda take biya albashi, bai hau kan kamfani mai zaman kansa ba.

Abin da ya hau kan kamfaninku shi ne Dokar Ƙwadago ta Najeriya da kuma takardar ɗaukarka aiki. Sashe na 54 na dokar ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a wurin. Sashe na 18 ya ba ma'aikaci hutun shekara aƙalla kwanakin aiki shida da cikakken albashi bayan ya yi wata goma sha biyu yana aiki. Uba kuwa dokar ba ta ambace shi ba ko sau ɗaya. Ke nan idan manaja ya ce a'a, bai karya doka ba. Sai dai ka lura da ɗaya gefen: babu wani layi a littafinku da ya hana shi cewa e. Maganar tana hannunsa, ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana. Saboda haka aikin da ke gabanka a mako biyar ɗin nan shi ne ka sa amincewa ta fi masa sauƙi fiye da hanawa, sannan ka samu amincewar a rubuce.

Shawarar takardar rashin lafiya kuwa ka jefar da ita tun yanzu. Ka riga ka tambayi jami'in ma'aikata, kowa a ofis ya san matarka na gab da haihuwa, gobe kuma za a ga hotunan suna a wayoyin abokan aikinka. Yanzu babu wani laifi a kanka, amma ranar da ka miƙa takardar bogi ka ba su hujjar korar ka ba tare da wa'adi ba, ka kuma jefa wanda ya rubuta maka ita a cikin matsala. Haka nan tafiya ba izini da nufin in ka dawo ka ba da haƙuri. Ga mai riƙe da makullin sito wannan ya fi na kowa haɗari, don duk katan ɗin da ya ɓace a kwanakin nan kai za a nema.

Kada ka ga laifin jami'in ma'aikata. Ya faɗa maka gaskiyar abin da ya sani, kuma ba shi da ikon ƙirƙiro hutun da babu shi a littafi. Shi ma manajan, in ka zauna a kujerarsa, abu uku ne za su zo masa a rai. Wa zai riƙe sito? Me zai gaya wa masu kamfani idan suka ga an biya mutum kwanakin da bai yi aiki ba? Sannan in ya ba ka, me zai ce wa direba ko ɗan kasuwanci da zai zo wata mai zuwa da irin wannan buƙata, wataƙila ma mai mata biyu ko uku? Wannan ta ƙarshen ita ta fi sa manajoji noƙewa, ko da sun tausaya. Takardarka ta amsa waɗannan ukun kafin ya buɗe baki.

Yanzu ɗauko kalanda mu lissafa, don "ina son mako biyu" magana ce da ake saurin ragewa, amma kwanakin da kowanne ke da aikinsa suna da wuyar yankewa. Na ɗauka Litinin zuwa Juma'a kuke aiki. In kuna fita Asabar sai ka ƙara ta a lissafin. Aikin da aka tsara ranarsa, yawanci ana kwantar da mace tun ana gobe, wato Litinin. A ranar ne ake gwaje-gwajen ƙarshe, a tanadi jini, a sa hannu a takardun amincewa, a biya kuɗi, a sayo abin da aka rubuto. Talata aiki. Laraba, Alhamis, wataƙila har Juma'a tana gadon asibiti, domin bayan irin wannan aiki kwana uku zuwa huɗu ake yi idan komai ya tafi daidai. A waɗannan kwanaki tana buƙatar mai ɗaga ta, mai miƙo mata jariri, mai zirga-zirga tsakanin ɗakin magani da wurin biyan kuɗi, mai kai jaririn allurar rigakafin farko. Kwanakin aiki biyar ke nan. Asabar da Lahadi naka ne dama. Litinin gwaggo za ta iso, kai kuma kana fama da rago da goro da abincin baƙi. Talata suna. Sun zama bakwai, kuma waɗannan bakwai ɗin su ne ba za ka iya saki ba. Laraba, Alhamis da Juma'a na mako na biyu su ne na komawa asibiti a duba ɗinki, da yi wa jariri rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da ɗan runtsawa. Jimilla kwanakin aiki goma, daga Litinin zuwa Juma'ar mako na gaba. Bakwai na dole, uku na ciniki. Ka san wannan a ranka, amma goma za ka rubuta.

Daga ina goman za su fito? Ka jera wa manaja hanyoyi daga wadda ta fi maka zuwa wadda za ka iya jurewa. Ta farko, a ba ka goman a matsayin hutu na musamman da albashi, ba tare da an taɓa hutunka na shekara ba. A nan ne maganar kwana 14 take da amfani: ka kawo ta a matsayin misalin abin da Gwamnatin Tarayya ta ga ya dace da nata ma'aikatan, ka nuna kai ƙasa da haka kake nema. Idan wannan ta gagara, ta biyu ta ginu ne a kan abin da ke cikin littafinsu: kwana ukun uzuri, a haɗa da shidan da suka rage maka na shekara, tara ke nan, sai kwana ɗaya ba albashi. Wannan da wuya a ƙi ta, domin shidan naka ne dama, lokacin ɗauka kawai ake daidaitawa, ukun kuma littafi ya ba manaja ikon bayarwa. Je ka sake karanta layin uzurin da kyau. Idan ya ambaci rashin lafiyar iyali, to aikin tiyata da kwanciya asibiti sun shiga ciki kai tsaye, sai ka kafa hujja da kalmomin layin. Idan rasuwa kawai ya ambata, roƙo za ka yi a faɗaɗa shi.

Kwanan da babu albashi, ka nemi a gaya maka yadda za a lissafa shi kafin ka yarda. Wasu wuraren suna raba albashi da kwanakin aiki 22, wasu da kwana 30. A naka albashin, hanya ta farko naira 8,000 ce a rana, ta biyu kusan 5,900. Kwana ɗaya ba wani abu ba ne. Amma da za a hana ka kwanakin uzuri a ce ka ɗauki huɗu ba albashi, 32,000 ke nan a hanya ta farko, a watan da kuɗin asibiti da na rago ke jiranka. In abin ya kai nan, gara ka tsaya a bakwai na dole, wato shidanka da guda ɗaya, ka roƙi a bar ka kana tashi da azahar a sauran kwana ukun. Wani abu kuma da na so ka yi tunani a kai: idan ka cinye hutun shekara duka, ba ka da ko kwana ɗaya a ajiye, alhali a mako na shida za a koma duba mai jego, jariri kuma yana da rigakafi. Saboda haka in aka ba ka zaɓi kuma aljihu zai ɗauka, ajiye kwana ɗaya ya fi.

Sai maganar sito, wadda a ganina ita za ta ci maka wannan magana ko ta kayar da kai. Kafin ka ga manaja, ka fara ganin wanda zai riƙe maka, ka roƙe shi da kanka, kada ya ji daga sama an ɗora masa. Nauyi ne za ka aza masa, ka gode masa, ka kuma yi masa alkawarin ramawa lokacin da tasa ta taso. Daga nan ku tsayar da ranar Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarka ku ƙirga kaya tare, layi bayan layi, ku gwada da abin da ke cikin littafin shiga da fita. Abin da kuka samu a rubuta, da kayan da suka lalace, da waɗanda ake jira daga masu kawowa, da odar da ba a kai ba tukuna. Kai ka sa hannu, shi ya sa, akanta ko manaja ya sa a matsayin shaida, sannan ka miƙa makulli, ka riƙe kwafi. Ranar da ka dawo a sake ƙirgawa kafin ka karɓa. Mutane kan ga kamar wannan rashin yarda ne da aboki, alhali shi ma kariya ce a gare shi, don ba za a ɗora masa giɓin da ya tarar ba. Ka duba kuma ko kwanakin sun faɗa kan ƙirgen ƙarshen wata ko ranar da babbar mota ke sauke kaya. In sun faɗa, kai za ka fara ambata, ka kawo mafita: a gabatar da ƙirgen, ko ka leƙo na awa biyu a ranar, muddin ba ranar aikin ko ranar suna ba ce. Game da waya, kada ka ce a kira ka kowane lokaci, don za a kira ɗin kana ƙofar ɗakin tiyata. Ka ce za ka amsa tambayoyi sau ɗaya a rana, misali bayan la'asar.

Ka fara samun manaja baki da baki a cikin makon nan, a lokacin da ba ya cikin hayaniyar lodi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da wata buƙata ta iyali, na kuma zo da yadda aiki zai ci gaba ba tare da ya tsaya ba." In kun gama, ka miƙa takarda a ranar, ka ba jami'in ma'aikata kwafi. Da harshen da ofishinku ke rubutu za ka rubuta ta, amma abin da za ta ƙunsa bai wuce wannan ba:

"Ina neman izinin hutun kwanakin aiki goma, daga Litinin kaza zuwa Juma'a kaza, saboda aikin haihuwa da za a yi wa matata ranar Talata kaza. Na haɗa da takardar asibiti. Tun da littafin ƙa'idoji bai ambaci irin wannan hutu ba, ina roƙon a ba ni shi a matsayin hutu na musamman da albashi. Idan hakan bai yiwu ba, ina roƙon a ba ni kwana uku na uzuri, da kwana shida na hutun shekarata, da kwana ɗaya ba albashi. Wane ya amince zai riƙe sito, za mu ƙirga kaya mu sa hannu kafin in tafi. Idan naƙuda ta zo kafin ranar, ina roƙon hutun ya fara daga ranar da na sanar. Zan so samun amsa kafin ranar kaza domin in shirya miƙa aiki."

Jimlar nan ta naƙuda kada ka bar ta. Sa rana ba ya hana haihuwa ta taso da wuri, kuma in ta taso da jariri a wannan kwanciya, aikin gaggawa ne, ko da tsakar dare. Saboda wannan dalili, ka fara nuna wa mai riƙe maka aikin tun mako biyu kafin lokaci. Takardar asibitin kuma ta tsaya a kan rana da buƙatar mai jinya kawai. Ofis ba ya buƙatar sanin sirrin lafiyar matarka, ka kuma sanar da ita kafin ka kai.

Inda aka fi samun matsala shi ne amsar baki. Manaja zai ce, "Ba komai, Allah ya sauke ta lafiya, ka je kawai." Za ka ji daɗi ka tafi, ƙarshen wata ka ga an zaftare albashi, domin mai lissafi ya ga kwana goma babu sa hannunka a rajistar zuwa aiki, kuma ba wanda ya ba shi takarda. Ko a yi wa manajan canjin wuri, sabo ya zo ya tarar da kai a jerin marasa zuwa. Don haka in ya amsa da baki, ka yi godiya, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta "na amince" a jikin takardarka ya sa hannu da kwanan wata, a kuma fayyace wace hanya aka ɗauka daga cikin biyun. In ya yi ta jan ƙafa, ka tura masa saƙon waya ko imel a ranar: "Ina godiya da amincewar da ka yi yau cewa in tafi daga rana kaza zuwa rana kaza a kan tsari kaza." Ko "to" ya amsa, ka adana. Shiru kuwa ba izini ba ne. Idan mako guda ya wuce ba amsa, ka tuna masa, ka nemi jami'in ma'aikata ya bi maka. Da wannan rubutu a hannu, in daga baya aka yanke maka abin da ba a yi da kai ba, kana da abin nunawa a ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa in abin ya yi tsanani. Ba na zaton za a kai can, kuma kada ka ambaci kotu a wannan mataki ko da wasa.

Idan ya nuna tsoron kada kowa ya biyo sahu, ka ba shi hanya. Ka ce ka yarda a rubuta cewa an duba yanayinka ne na musamman, aikin tiyata da rashin mai jinya. Kada ka ɗauko yaƙin sauya dokar kamfani yanzu, lokacinka bai isa ba. Bayan ka dawo, sito bai samu giɓi ba, aiki bai tsaya ba, a lokacin ne kai da abokan aikinka, ko ƙungiyarku in kuna da ita, za ku iya ba da shawarar a rubuta tsari, ko da kwana biyar ne, da iyaka irin ta Gwamnatin Tarayya. Kafin nan ka ɗan bincika a hankali wurin tsofaffin ma'aikata ko an taɓa ɗaga wa wani ƙafa lokacin aurensa, ko jinyar mahaifi, ko aikin Hajji. In an taɓa, ka san ƙofar a buɗe take, amma kada ka kira sunan kowa a gaban manaja.

In kuma aka ƙi komai, har hutun shekarar aka ce ba yanzu ba, to kada ka ajiye aiki cikin fushi a watan da iyalinka suka fi buƙatar albashin. Ka sauko zuwa mafi ƙanƙanta: Litinin da Talatar aiki, ranar sallama daga asibiti, da ranar suna, ko da duka ba albashi. Ka nemi a ba ka ƙin amincewar a rubuce. Sau da yawa wanda ya iya cewa a'a da baki yakan ji nauyin sa hannu a kan hana miji zuwa asibiti ranar da za a yi wa matarsa aiki.

Ko an ba ka goman cif, akwai abin da hutu ba zai magance ba. A asibitocinmu galibi ba a barin namiji ya kwana a ɗakin masu haihuwa, ga kuma hidimomin da mace ce kawai za ta iya yi wa 'yar'uwarta. Saboda haka ka zauna da matarka a daren nan ka tambaye ta wa take so a kusa da ita, kada ka zaɓa mata. Wataƙila akwai yayarka ko ƙanwarka da suke shiri, ko wata maƙwabciya da ta amince da ita. Ka kuma kira gwaggo da kanka ka ji abin da ya riƙe ta a Dukku. In kuɗin mota ne ko wanda zai kula mata da gida, ƙila abu ne da za ka iya warwarewa ta iso tun ranar Lahadi. Ku tambayi likita ko ungozomar asibiti yaushe za a fara wankan jego da kuma yadda za a yi shi, don ruwan zafi da ganye ba sa tafiya da sabon ɗinki, kuma gara gwaggo ta ji wannan daga bakin ma'aikatan asibiti a gabanka. Bayan sallama, in ka ga jini na zuba da yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko ɗinki na fitar da ruwa mai wari, ko jariri ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya, ku koma asibiti a take, kada a jira gari ya waye.

Gobe ka karɓo takardar asibiti, jibi ka ga wanda zai riƙe maka sito, kafin Juma'a takardarka ta kasance a teburin manaja. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare da shi, angon ƙarni, ka kuma gaishe mana da maiɗakin.